Ƙwayar Magani A Gida: Ku Tsare Ta Daga Hannun Yara

Kafin ka ci gaba da karanta wannan takarda, ko kafin a ci gaba da karanta maka, ka tsaya ka tuna inda ƙwayoyin magani suke a gidanka yanzu. Wasu suna ƙarƙashin matashin kai. Wasu suna cikin langa a jeren uwar gida, wasu cikin aljihun rigar da aka rataye a ƙusa, wasu kuwa an ƙulle su a bakin zane. Duk wuraren nan yaro ɗan shekara biyu yana kai wa gare su.

Ni ma'aikacin ɗakin shan magani ne, na daɗe ina ƙirga ƙwayoyi ina zuba wa mutane cikin ƴar leda. Abu guda nake so ka riƙe daga cikin maganata, ko da ka manta da sauran. Yaron da ya haɗiye ƙwayoyin manya yana iya yin wasa, yana dariya, yana cin tuwo, alhali kuwa maganin yana can yana ɓarna a cikinsa. Kada ka jira ka ga alama. A kai shi asibiti nan take.

Abin da ya faru da wani yaro

Wata rana da la'asar aka kawo mini wani yaro ɗan shekara biyu da ƴan watanni. Uwarsa tana da ciki, tana zuwa awo wurinmu, ni ne ma na ba ta ƙwayar ƙarin jini guda 30, ta riƙa shan ɗaya kowace rana. Ta ajiye ledar a cikin kwalla a bakin gado. Ran nan da hantsi ta fita tsakar gida tana daka, da ta komo ɗaki sai ta tarar da yaron zaune bisa tabarma, ledar a hannunsa, bakinsa ya yi ja.

Ba a yi awa ɗaya ba ya fara amai. Ya yi ta yi, ya kuma yi zawo baƙi. Aka ɗura masa manja, aka bi da madara. Wajen azahar aman ya tsaya, ya yi barci, da ya farka har ya nemi kunu. Da uban ya dawo daga gona ya ga yaro yana wasa sai ya ce, ai ya amayar da abin, Allah ya kiyaye. Wata maƙwabciyarsu ce ta matsa, ta ce ko ba komai a kai shi a duba.

Na tambayi uwar, na ce, "Kwana nawa kina shan maganin nan?"

Ta ce, "Malam, yau kwana tara, ban tsallake ko ɗaya ba."

Na ce, "To, miƙo ledar."

Muka ƙirga tare. An ba ta 30, ta sha 9, watau ya kamata a sami saura 21. Muka sami 8 a leda, ta ce ta tsinci 2 a kan tabarma. Saura 11 ba a gan su ba. Na ɗora yaron bisa ma'auni, kilo 11 ne. Kowace ƙwaya tana da ƙarfe wajen miligiram 60, goma sha ɗaya ke nan sun kai miligiram 660. In an raba wannan da nauyinsa, kowane kilo na jikinsa ya sami miligiram 60. Wannan awo ne da ke iya kashe yaro.

Uban ya ce, "Malam, ai ga shi lafiya lau, dubi yadda yake wasa da makullin babur." Na ce masa, "Mai gida, wannan lafiyar ta aro ce. Ku tashi yanzu." Na rubuta takarda, na sa sunan maganin, da yawan da ya ɓace, da lokacin da ya sha, da nauyin yaron, suka nufi babban asibiti. Kafin tsakar dare jikinsa ya yi sanyi, numfashinsa ya yi sauri. Amma da yake yana hannun likita, an riga an sa masa ruwa, an fara ba shi maganin da ke kama ƙarfe ya fitar da shi ta fitsari. Bayan ƴan kwanaki aka sallamo shi. Da sun kwana a gida ran nan, wataƙila da wani labari nake ba ku.

Yadda ƙwayar ƙarin jini ke yaudara

Kada wata mace ta ji wannan labari ta daina shan maganinta. Ƙwaya ɗaya a rana ga mai ciki alheri ce gare ta da abin da ke cikinta, gama tana tsare ta daga ƙarancin jini. Illar tana wajen yawa ne da ƙanƙantar jiki. Abin da ya ishi mace mai kilo 60 har kwana goma, in ya shiga cikin yaro mai kilo 10 gaba ɗaya, ya zama dafi. Ga shi kuma yawancin ƙwayoyin an lulluɓe su da zaƙi, an yi musu launi ja ko ruwan ƙasa mai sheƙi, ba su da bambanci da alawa a idon yaro.

Ga yaro mai kilo 10, ƙwaya 4 suna isa su sa shi amai da ciwon ciki. In sun kai 7, lalle sai babban asibiti. Daga 10 zuwa sama kuwa ransa yana cikin hatsari. Ban faɗa maka wannan lissafi don ka zauna a gida kana awo ba. Sau da yawa ba wanda ya san ainihin nawa ya haɗiye, saboda haka ko guda nawa ne ka kawo shi, mu mu yi lissafin.

Ciwon yana tafiya ne mataki mataki. Da farko, cikin awa 6, ƙarfen yana ƙona bangon ciki da hanji. Sai amai, da zawo, da murɗar ciki. Wani lokaci aman yana zuwa da jini, kashin kuwa ya yi baƙi ko kore mai duhu.

Sa'an nan sai a shiga mataki na biyu, wanda shi ne mai yaudara. Amai ya tsaya, yaro ya sami sauƙi, har ya nemi abinci. Wannan yana iya kai wa daga awa 6 zuwa kwana guda. A lokacin nan ƙarfen ya riga ya bar ciki ya shiga jini, yana taruwa a hanta da sauran kayan ciki. Ba warkewa ba ce, wuta ce a ƙarƙashin toka.

Bayan wannan sai jiki ya rikice. Hannu da ƙafa su yi sanyi, yaro ya galabaita, numfashi ya yi sauri, ya riƙa suma. A kwana na biyu ko na uku hanta tana iya kasawa, idanu su yi rawaya. Ko wanda ya tsallake wannan, wani bayan mako 2 zuwa 6 sai ya fara amai duk sa'ad da ya ci abinci, domin ƙunar da ta warke ta bar tabo ta matse ƙofar ciki. In ka ga haka ga yaron da aka sallamo, ka koma da shi, ka tuna wa likita abin da ya sha.

Sauran ƙwayoyin da ke gidajenmu

Farasitamol yana kusan kowane gida, har mutane ba su ɗauke shi a bakin komai ba. Kowace ƙwaya ta manya miligiram 500 ce. Guda 3 kaɗai sun kai awon da ke iya taɓa hantar yaro mai kilo 10. Shi ma mayaudari ne, har ya fi na ƙarin jini, gama a rana ta farko sau da yawa ba a ganin komai, ko kuwa ɗan amai kawai. Sai a rana ta biyu ko ta uku ciwon hanta ya bayyana. Akwai makarinsa a babban asibiti, amma ya fi aiki in an fara shi cikin awa 8 da shan maganin. Wanda ya jira alama ya bar lokacin makari ya wuce.

Kulorokwin shi kuwa ba ya jira. Tun shekarar 2005 Nijeriya ta daina sa shi a gaba wajen maganin zazzaɓin cizon sauro, amma har yanzu ana samunsa a gidaje. Ƙwaya ɗaya ko biyu ta manya tana iya tsayar da zuciyar ƙaramin yaro cikin awa 1 zuwa 3.

Ƙwayoyin tsofaffi ma abin tsoro ne, watau na hawan jini da na ciwon sukari. Ƙwaya guda ta wani irin maganin sukari tana iya zubar da sukarin jinin yaro, ya yi ta gumi, ya yi laushi, ya suma ko ya yi jijjiga. Wani lokaci wannan ba ya zuwa sai bayan awoyi da yawa, cikin dare, kowa yana tsammani barci yake yi. Saboda haka ne likita kan riƙe irin wannan yaro ya kwana a asibiti ko da yana tsalle.

Inda za a ajiye magani

Yaro daga shekara ɗaya zuwa huɗu duk abin da ya samu baki yake kai wa. Ɗaci ba ya hana shi, faɗa ba ya hana shi, gama bai kai ga fahimta ba. Yana kuma kwaikwayo. Ya ga uwarsa tana jefa ƙwaya a baki kowace safiya, shi ma yana so ya yi.

Tsawo kaɗai bai isa ba. Ɗan shekara biyu yana jawo kujera ƴar tsugunno, yana hawa turmi, yana taka gado ya kai ga taga. Abin da ke tsare magani shi ne kwaɗo. Ka nemi ƙaramin akwatin ƙarfe ko na katako mai murfi, ka sa masa kwaɗo, ka ɗora shi bisa wurin da ya fi kan babban mutum tsawo, inda yaro ba ya ganinsa. Kada ya kusanci rufin kwano ko madafa, domin zafi yana lalata magani. Makullin kuwa ya zauna a jikin babba, kada a bar shi rataye a jikin kwaɗon.

Dukan maganin gidan ya shiga akwatin nan: na mai gida, na kowace mata, na kaka, har da na ruwa na yara, gama shi ma mai zaƙi ne, yaro yana iya shanye kwalba guda. Maganin dabbobi da na ƙwari a yi musu nasu wurin dabam, shi ma da kwaɗo.

Kowane magani ya zauna cikin ledarsa ko kwalinsa mai rubutu. Kada a juye kala uku cikin gwangwani ɗaya, kada a ƙulle a tsumma. Ran da hatsari ya faru, rubutun nan ne zai gaya mana abin da yaro ya sha. Yana da kyau kuma wanda ya iya rubutu ya sa ranar da aka karɓo da yawan ƙwayoyin a jikin ledar. Kun ga yadda wannan ƙirga ta ceci yaron da na ba ku labarinsa. Kwalba mai murfin da sai an danna ake buɗewa tana jinkirta yaro ne kawai, ba ta hana shi. Ita ma ta shiga akwati.

In za ka sha magani, ka ɗauki na lokacin, ka mayar da saura, ka kulle, sa'an nan ka je neman ruwa. Yawancin hatsarin da na gani ya faru ne cikin ɗan lokacin da aka ce bari in ajiye nan in dawo. In da hali, ka sha inda yaro ba ya kallonka. In kana ba yaro nasa maganin, kada ka lallashe shi da cewa alawa ce ko minti. Ka ce masa magani ne, babba ne kaɗai ke bayarwa.

Ku ƙara lura a ranakun da gida ya cika ko hankali ya rabu: ranar suna, ranar biki, kwanakin jego, lokacin girbi da ake barin ƙanana a hannun yayyensu. Baƙuwa takan zo da maganinta cikin jaka ta ajiye a kan tabarma. Ba rashin ladabi ba ne ki ce, "Inna, kawo jakar in rataye miki a sama saboda yara." Maganin da ya rage bayan an warke, ko wanda kwanansa ya ƙare, kada a zubar a juji inda yara ke tone tone. A mayar da shi ɗakin shan magani.

In yaro ya riga ya haɗiye

Na farko, ka karɓe abin da ke hannunsa. Ka duba bakinsa, ka ciro abin da kake gani a gaba, ka goge da tsumma mai tsabta. Kada ka zura yatsa can cikin maƙogwaro.

Na biyu, kada ka doke shi, kada ka daka masa tsawa. Yaron da ya tsorata ba zai nuna maka inda ya sami abin ba, yayansa kuma da ya gani zai yi shiru. Ka tambaye su a hankali. In yara biyu ne suke wasa da ledar, a tafi da su duka biyun, gama babban yakan ba ƙanensa a baki, ba kuwa wanda ya san rabon kowa.

Na uku, ka tattara ledar, da kwalin, da ƙwayoyin da suka zube, ka duba ƙarƙashin tabarma da gado. Ka lura da lokaci. In ba agogo, ka riƙe cewa kafin azahar ne ko bayan la'asar. In ya yi amai, ka duba ko akwai ƙwayoyi ko jini a ciki, ka gaya mana. Duk wannan kada ya ɗauke ka fiye da ƴan mintoci.

Na huɗu, ku kama hanya. In kana da lambar wayar ma'aikacin asibiti, wani ya kira shi tun kuna shiri, ya karanta masa sunan da ke jikin kwalin. In babban asibiti yana kusa, ku wuce can kai tsaye, domin a can ne ake da gwajin jini da makari. In da nisa, ku biyo ta ɗakin shan magani mu duba shi mu ba ku takarda. Ko dare ne, ko ana ruwa, kada a bari sai gari ya waye.

A hanya kada a goya shi a baya inda ba mai ganin fuskarsa. Babba ya riƙe shi a gaba, a kwance bisa gefensa, bakinsa yana kallon ƙasa kaɗan, domin in ya yi amai ya zubo waje, kada ya koma masa cikin huhu. In ya fara jijjiga, a bar shi bisa gefensa, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa komai, kada a kai ƙafarsa kusa da wuta. In numfashi ya tsaya, ka kwantar da shi rigingine, ka ɗan ɗaga haɓarsa, ka hura masa iska baki da baki a hankali har ƙirjinsa ya tashi, ka ci gaba ana tafiya.

Abubuwan da ba a yi

Kada a sa shi amai da gangan. A da ana koya wa mutane haka, amma likitoci sun bar wannan, domin aman ba ya fitar da maganin duka, yana kuma iya shaƙe yaro, balle wanda ya fara jin barci.

Kada a ba shi ruwan gishiri. Gishiri mai yawa shi kansa dafi ne ga ƙaramin yaro, yana taɓa ƙwaƙwalwa, yana iya kashe shi ko da ƙwayar da ya sha ba mai kisa ba ce.

Kada a ɗura masa manja ko man gyaɗa. Mai ba ya karya ƙarfin ƙwayar magani. Yaro yana kuka ana toshe masa hanci ana ɗurawa, sai man ya bi hanyar iska ya shiga huhu, ya jawo wani ciwon dabam. Madara da nono da ɗanyen ƙwai su ma ba makari ba ne. Babbar illarsu ita ce suna sa hankalin iyaye ya kwanta, a ce an ba shi magani, a zauna. Gawayin murhu kuma ba shi ne irin wanda likita kan bayar ba, kuma ko na likitan ba ya kama ƙarfe.

Abu ɗaya ne na keɓe. In kun tabbata maganin ciwon sukari ya sha, kuma idonsa biyu, yana iya haɗiya da kansa, a ba shi ruwa mai sukari kaɗan kaɗan a hanya. Wannan riƙon ƙwarya ne kawai, ba ya hana tafiya. Wanda ya fara suma kuwa ba a sa masa komai a baki.

Addu'a kuwa a yi ta, amma a yi ta bisa hanya.

In kun iso

Ka faɗi gaskiya duka. Ka gaya mana sunan maganin, da nawa ne a ciki da fari, da nawa suka rage, da lokacin, da abin da aka ba shi a gida, ko manja ne ko jiƙo. Ba mai kama ka da laifi. Uwa kada ta ɓoye don tsoron faɗan mai gida, kai kuma mai gida ka ajiye faɗa, gama tsoron faɗa ya sha sa mata su yi shiru har dare. In likita ya ce yaro ya kwana, ku bar shi ya kwana ko da kun ga yana wasa. Kun riga kun san dalili.

To, yau kafin magariba, ka zaga ɗakunan gidanka ɗaya bayan ɗaya. Ka ɗaga matashin kai, ka buɗe langa da kwalla, ka lalube aljihun riguna da jakunkuna, ka tara duk ƙwayar da ka samu wuri guda. Wadda ba ka san ko ta mece ce ba, ka kawo mana. Saura ka zuba a akwati ka danna kwaɗo. Sa'an nan ka karanta wa matan gida wannan takarda, ka kuma miƙa wa maƙwabcinka.

Allah ya raya mana zuriya, ya tsare su. Amin.